Rage Nauyin Hoto Kafin Ka Ɗora

Mai karatunka da ke rumfa a kasuwar Aboabo, a Tamale, da ƙaramar Itel ko Tecno yake buɗe shafinka, kuma kowane megabait daga aljihunsa yake fita, sidi ne ya biya MTN ko Telecel. Abin da ya fi cinye masa data hoto ne, rubutu bai taka kara ya karya ba.

A ce ka ɗauki hoton buhunan masara. Daga kyamara yakan kai megabait 3, faɗinsa fiksel 4000, alhali fiksel 800 ya ishi fuskar wayarsa. Buɗe Squoosh, ka mayar da faɗin 800, ka zaɓi WebP, inganci 70. Galibi zai sauko ƙasa da kilobait 100. Sai ka zuƙo shi ka duba: in rubutun jikin buhu ya dusashe, ƙara ingancin kaɗan.

Hotunan da ke can ƙasan shafi kuwa, sa musu `loading="lazy"`, kada su sauko sai ya kusa isa gare su. Amma ban da na farko, don jinkirta shi kan bar saman shafin fayau. Daga nan ari irin wayarsa, kashe Wi-Fi, ka gwada da datarka.