Yadda Ake Rubuta Layin Farko Da Zai Tsayar Da Mai Karatu

Facebook ba ya nuna dogon rubutu gaba ɗaya. Yana nuna layukan farko ne, sai ya yanke ya sa `See more`. WhatsApp ma yana yanke dogon saƙo da `Read more`, sanarwar da ke faɗowa saman waya kuwa kalmomi kaɗan take ɗauka. Don haka da layin farko mai karatu yake yanke hukunci: ya tsaya ko ya wuce.

Mu ɗauki misali daga gida. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe bodar Jibia, hanyar Ɗan Issa da Maraɗi ta tsaya. A watan Maris na 2024 gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin buɗewa, amma sai bayan kwanaki Nijar ta buɗe nata ɓangaren. A ce kai ne a Magama a wannan rana, za ka sanar da 'yan kasuwa da direbobi.

Yawancinmu haka za mu fara:

"Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, da fatan kowa ya tashi lafiya. Akwai wani muhimmin labari da nake so in..."

Nan wayar za ta yanke, kuma ba a ambaci Jibia ba. Direban da ke jiran labarin zai wuce bai san da shi ake ba.

Gyara na farko: ka kawo sunan wuri da abin da ya faru a kalmomin farko. Mutum yana tsayawa ne idan idonsa ya faɗa kan abin da ya shafe shi. Ba sai ka bar sallama ba. Ka yi ta a taƙaice, doguwar gaisuwa ta koma ƙasa.

Gyara na biyu: kada layin ya faɗi abin da ya wuce gaskiya. "AN BUƊE BODA!!!" zai tara jama'a, amma wani zai biya kuɗin mota daga Katsina ya tarar Ɗan Issa a rufe. Gobe ko gaskiya ka rubuta, ba zai karanta ba. Ka tuna da yawa layin farko kaɗai suke gani su tura gaba. Wannan ya fi:

"Salam. Bodar Jibia: Najeriya ta buɗe, Nijar ba ta buɗe ba tukuna. Kafin ka yi lodi, karanta."

Labarin ya cika ko ba a danna komai ba, kuma ya nuna wanda ake magana da shi.

Kafin ka saki, ka gwada. Inda rubutu ke yankewa ya danganta da faɗin fuskar waya da girman haruffa. Ka fara sa shi a kan `Only me`, ka duba a wayarka. Idan abin da ke sama da `See more` bai faɗi wuri da abin da ya faru ba, ka sake rubutawa.