Amsar Tambaya: Yaya zan gamsar da mai masana'anta cewa cilar ta yi kaɗan?

Wani injiniya ya tambaya: mai masana'antar roba a Bompai ya ƙara injin zuba roba biyu bayan an gama zane, yana neman a bar cilar yadda take. Me zai rubuta masa?

Malam Injiniya, ka bar lissafi ya yi magana. Ka rubuta cewa: "Ranka ya daɗe, Alhaji, aikin cila kwashe zafi ne daga ruwan da ke sanyaya kwamin zubi. Mun yi zanen farko kan inji shida, kowanne yana zuba zafin kilowat 35 cikin ruwan, jimla 210. Yanzu sun zama takwas, zafin ya kai 280, wato daga tan 60 na sanyi zuwa kusan 80, tunda tan ɗaya kilowat 3.5 ne."

Tabbas zai ce ai akwai rarar da aka bari. Ka nuna masa cewa rarar nan ta bazara ce. A Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, cila mai sanyaya da iska kuwa ƙarfinta raguwa yake yayin da iskar waje ta yi zafi, ga ƙurar hunturu tana toshe kwandensa. Idan ya ce a ƙara girman famfo kawai, ka ce masa famfo ruwa yake turawa, ba ya cire zafi. Idan aka bar cilar haka, zafin ruwan da ya kamata ya fita a digiri 10 zai hau, roba ta daɗe ba ta daskare ba, bokiti ya fito a lanƙwashe, kwamfireso ya riƙa katsewa da tsakar rana.

Ka haɗa takardar lissafin, ka kuma sake duba bututu da janareta kafin ka aika.