Yadda Ake Zaɓen Hoton Takardar Shaida

Mutumin Tumur da ke neman katin ɗan ƙasa, ko yake haɗa wa ɗansa takardun jarrabawa, ko yake shirin aikin Hajji, sau da yawa sai ya shiga mota zuwa garin Diffa. A aljihunsa kuwa akan sami hotuna iri uku ko huɗu: na wani tsohon kati, wanda aka ɗauka ranar Sallah, da wanda yaro ya ɗauka masa da waya. In ya isa gaban ma'aikaci sai ya miƙa wanda ya fi yi masa kyau, a duba a ce bai yi ba. Ga kuɗin mota ya tafi, ga yini ya salwanta. Wannan takarda za ta nuna yadda mutum zai zauna a gida, da awo a hannunsa, ya gane wanda za a karɓa cikin hotunan nan tun kafin ya tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ina ƙa'idar ta fito?

Ba ma'aikacin da ke zaune a ofis ne ya ƙirƙiro sharuɗɗan nan don ya wahalar da mutane ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ke da mazauni a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ita ce ta tsara yadda fasfo zai kasance, a cikin kundinta mai lamba 9303 wanda ya fara fitowa a 1980. Ƙasashe suna bin wannan kundi, kuma daga gare shi ne yawancin ofisoshi suka ɗauko abin da suke nema a hoto. Manufar guda ce: duk wanda ya riƙe takardar, ko jami'i ne a kan hanya ko na'ura ce a filin jirgi, ya iya haɗa fuskar da ke jikinta da fuskar mai ita ba tare da shakka ba. Saboda haka ba a tambayar wane hoto ya fi kyau. Ana tambayar wanne ne ya fi nuna fuskar kamar yadda take.

Girman takardar hoton ya danganta da inda za a kai shi. Mafi yaɗuwa a duniya shi ne mai faɗin milimita 35 da tsawon milimita 45. A Nijar akan nemi wanda masu hoto ke kira huɗu-huɗu, wato santimita 4 kowane gefe. Bizar Amurka kuwa milimita 51 take so kowane gefe. Don haka aikin farko shi ne a tambayi ofishin girman da yake so da launin bayan hoto. A sani kuma cewa wasu takardun zamani, irin fasfo mai ɗauke da zanen yatsa, a can ofis akan ɗauki hoton mutum, amma sau da yawa ana neman na takarda a cikin kayan da zai haɗa.

Mataki na ɗaya: fuska

A jera hotunan a kan farar takarda, a cikin inuwa mai haske, a fara da fuska, domin laifin da ke cikinta ba ya gyaruwa sai an sake ɗauka. Mutum ya kalli na'ura kai tsaye, ido biyu a buɗe, baki a rufe, ba dariya ba ɗaure fuska. Murmushin da ya fito da haƙora yana tura kumatu sama ya rage girman ido, sai kamannin su sauya. Don a gane ko kai ya karkata, a aza awo a kan idanu biyu: in layin ya tafi daidai da gefen takardar, kai yana tsaye. Don a gane ko mutum ya juya, a duba gefen fuska na dama da na hagu, ko kunnuwa in suna waje. In ɗaya ya fi ɗaya fitowa, ya juya.

Ba a hana mace sa hijabi ko mayafi ba, muddin fuskar ta fito tun daga ƙasan haɓa har saman goshi, da kumatu biyu, kuma mayafin bai jefa inuwa a goshi ba. Mai rawani ya sauke amawali ƙasa da haɓa. Hula kuwa, ofisoshi da yawa ba sa karɓarta, don haka wanda aka ɗauka kai a buɗe ya fi tsira. Baƙin tabarau ba ya shiga sam, na magani ma gara a cire, domin gilashi yana mayar da haske ya rufe ƙwayar ido. Hoton kuma kada ya wuce wata shida da ɗauka. Wanda ya ajiye gemu ko ya rame bayan ciwo, tsohon hotonsa ya tashi daga aiki.

Akwai abu biyu da waya ke yi a ɓoye. Wasu wayoyi suna goge fuska su yi mata sumul, har su share tsagar gado, alhali a ƙasar Mangari da bakin Komadugu tsagar nan tana cikin abin da ake gane mutum da shi. Na biyu, idon waya na gaba yakan juya hoto kamar yadda mutum ke ganin kansa a madubi. A nemi tabo ko wata alama a fuskar mai hoton: in tabon yana kuncinsa na hagu, dole a gan shi a gefen dama na takardar yayin da ake kallonta.

Mataki na biyu: awo

Wanda ya tsallake matakin farko sai a auna shi da awon ƴan makaranta mai layin milimita. Ana aunawa daga ƙasan haɓa zuwa tsakiyar kai, inda ƙoƙon kai ya ƙare, ba ƙarshen gashi ko ɗankwali ba. Mai gemu a kintaci inda haɓarsa take. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kai ya cinye kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsawon hoton. A hoto mai tsawon milimita 45, wannan ya kama milimita 32 zuwa 36. In aka bi wannan lissafi a huɗu-huɗu, zai kama 28 zuwa 32. Sai a duba cewa hanci yana tsakiyar faɗin takardar, akwai ɗan fili a saman kai, kuma saman kafaɗu ya fito.

Mataki na uku: baya da haske

Bayan hoto ya zama launi ɗaya, fari ko mai haske, ba zane, ba ninkin zani, ba inuwar kai. Zana, bangon laka da labulen furanni duk ba su yi ba. Wanda ya jingina da bango inuwarsa za ta fito a bayansa, shi ya sa ake matsowa gaba kamar taku ɗaya.

A nan akwai tarkon da ya fi kama mu masu duhun fata. In na'ura ta ga farin bango da farar riga, sai ta rage haske, bango ya fito tas, fuska kuma ta dushe. Ana gane wannan da tambaya uku: ana rarrabe ƙwayar ido da farinsa? Ana ganin layin da ya raba leɓe biyu? Ana ganin tsaga ko tabo? In amsa ɗaya ta zama a'a, hoton ya yi duhu. Ranar tsaka kuma tana sa goshi ƙyalli, ta bar ramin ido cikin baƙi. Farin hijabi a kan farin bango yana ɓatar da iyakar kai, don haka mai launi ya fi.

Mu gwada da hotuna huɗu

A ce wata yarinya ce a Tumur, an nemi ta kawo hoto mai 35 da 45, farin baya, tana kuma da guda huɗu.

Na farko na Sallah ne. Haske ya yi kyau, kai ya auna milimita 34, amma ta yi murmushi haƙora a waje, kuma da aka aza awo a kan idanu sai layin ya gangara hagu. Shi ne wanda uwarta za ta zaɓa, shi ne kuma farkon fita, tunda almakashi ba ya rufe baki.

Na biyu ita ta ɗauki kanta da waya a tsakar gida. Da yake na'urar ba ta wuce tsawon hannu ba, hanci ya ƙara girma, gefen fuska ya ja baya. Kai ya auna 39, saman hijabi ya taɓa bakin takarda, ga zana a baya. Wannan ma ya fita. Ya kamata mai ɗauka ya tsaya nesa da kamar mita ɗaya da rabi, na'ura daidai da tsayin ido.

Na uku mai hoto ne ya ɗauka a Diffa watan jiya. Fuska daidai, baya fari ƙal, ido da leɓe duk sun fito. Amma kai ya auna milimita 27 kawai, wato kashi 60 cikin ɗari, ƙirji ya cinye sauran wurin.

Na huɗu shi ma na shago ne, na wata uku da suka wuce. Ba ta son sa domin ta ce ta fito kamar mai fushi. Amma idanu suna kan layi, baki a rufe, kai ya auna 33, wato kashi 73. Bayansa fari ne, sai wata siririyar inuwa can ƙasa bayan kafaɗa wadda ba ta kai wuya ba. An yi tambayoyi ukun nan, duk amsar i ce.

In yau za a miƙa, na huɗu ne, domin ya cika kowane sharaɗi babba, ƙaramin aibinsa kuma bai taɓa fuska ba. Amma kada a yar da na uku. Laifinsa na yanka ne, ba na ɗauka ba. In mai shagon yana da asalinsa a kwamfuta, zai iya matso da fuskar ta kai 34 ya sake wankewa, sai ya zarce na huɗu. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki hoton takardar da waya a faɗaɗa shi, domin zai fito dishi-dishi.

Abin kiyayewa

Laifin hoto iri biyu ne. Ƙanƙantar kai ko kaucewa daga tsakiya ana gyara su da sabon yanka, in asalin yana nan kuma akwai fili kewaye da kai. Dariya, karkata, rufaffen ido, inuwa a fuska da tsufan hoto kuwa, sai an sake zama gaban na'ura. Kada a yarda mai hoto ya gyara fuska da kwamfuta, ko da ya ce kyauta ne. Wanda aka zaɓa a sa shi cikin ambulan a tsakiyar littafi, kada zufa ko ƙura ta taɓa shi a hanya, kada kuma a huda shi da ƙarfen maƙala takarda. In duka sun faɗi, to a tashi da wuri, a fara biyawa shagon hoto a Diffa da awo a aljihu, a auna kafin a biya kuɗi, sannan a wuce ofis.