Yadda Ake Gane Lamba Mai Tsari Daga Tarkacen Banza

A shagunan gyaran waya na Kurmin Mashi, kullum ana cin karo da dogayen lambobi masu kama da shirme: a jikin kwali, a allon waya, a gefen fayil ɗin filashin. Akasarinsu da tsari aka gina su, kuma ana iya gwadawa.

Fara da ƙirga tsawo, ka duba irin haruffan. Lambobi zalla guda 15 galibi IMEI ce, wadda ke fitowa idan ka danna `*#06#`. Takwas na farko suna nuna samfurin wayar, shida na biye nata ne ita kaɗai, ta ƙarshe kuwa mai gadi ce, bisa lissafin Hans Peter Luhn na kamfanin IBM.

Mu gwada 490154203237518. Daga hagu, ka ninka lamba ta biyu, ta huɗu, ta shida, har ta sha huɗu. Su ne 9, 1, 4, 0, 2, 7, 1, sai su koma 18, 2, 8, 0, 4, 14, 2. Duk wadda ta wuce tara ka cire mata tara, wato 18 ta zama 9, 14 ta zama 5. Jimillarsu 30. Sauran takwas ɗin da ba ka taɓa ba, su ma 30 suka ba da. An sami 60, kuma tunda ta ƙare da sifili, lambar ta ci jarrabawa. Da mai kwafa ya kuskure lamba ɗaya tak, lissafin ba zai fita ba. Amma kada ka sakankance, domin cikin lambobi goma da aka zuba da ka, kusan ɗaya za ta tsallake. Saboda haka mai sayen waya ta hannu ya haɗa da kwatanta ta allo da ta kwali.

Idan kuwa ka ga manya da ƙananan haruffa gauraye da lambobi, tsawon yana rabuwa huɗu-huɗu, wani lokaci da `=` a ƙarshe, to ka zargi Base64. Wannan ba sirri ba ne, sauya tufafi ne kawai:

```
echo S2FkdW5h | base64 -d
```

Amsar da za ta fito ita ce Kaduna.

Mai wuyar ita ce hash, wato hatimin da ake lissafowa daga cikin fayil. Haruffanta ba sa wuce 0 zuwa 9 da a zuwa f. MD5 guda 32 ce, SHA-256 kuma 64. Da gangan aka tsara ta ta yi kama da tarkace, don haka ido ba ya raba su, kuma ba a warware ta a koma asali. Hanya ɗaya ce: ka sake lissafa ta da `md5sum` in 32 ce, ko `sha256sum` in 64 ce, a kan fayil ɗin da ka sauke. In ta yi daidai da wadda masu fayil ɗin suka bayar, harafi da harafi, lafiyarsa lau. In ta saɓa, ya lalace a hanya ko an taɓa shi, kada ka ɗora shi a wayar mutane.