Gatsen Jimla da Gatsen Labari

Ɗalibi ya iso makaranta ƙarfe 10, malam ya ce, "Sannu da sammako!" Wannan gatse ne. Mun gane shi nan take, domin maganar ta saɓa da agogo.

Gatsen labari kuwa ba ya zama cikin jimla ɗaya. Mu duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam, 1937. Waziri ya ƙulla makirci don ya gaji Sarki Abdurrahman. Ƙarshenta ko wazircin bai tsira da shi ba, aku aka naɗa.

Saboda haka a jarrabawa, in jimla aka ba mu, mu gwada ta da halin da aka faɗe ta. In labari ne, mu gwada burin mutum da makomarsa.