Yadda Kwamfuta Ke Jera Fayil Ɗin Da Ya Fi Ƙarfin Ƙwaƙwalwarta

Kwamfuta tana da wuraren ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira ram. Tana da sauri ƙwarai, amma ƙarama ce. Akwai kuma faifai, wanda yake ɗaukar kaya da yawa, sai dai bai kai ƙwaƙwalwar aiki sauri ba ko kusa. Kwamfuta ba ta iya kwatanta lambobi biyu, ta ce wannan ta fi waccan, sai ta ɗauko su daga faifai ta shigo da su ƙwaƙwalwar aiki.

To, a ce an ba ka fayil na lambobin masu asusu, girmansa gigabait 8, ana so a jera su daga ƙarama zuwa babba. Filin da ya rage a ƙwaƙwalwar aiki kuwa gigabait 1 ne kacal. Idan ka matsa wa kwamfuta ta haɗiye fayil ɗin gaba ɗaya, ko dai aikin ya mutu a hanya, ko ta dinga kai da kawowa tsakanin ƙwaƙwalwa da faifai har ta yi nauyi, ka danna abu ta ƙi amsawa. Maganin wannan shi ne a raba aikin gida biyu: a jera kaɗan-kaɗan, sannan a haɗe.

Ka tuna malamin da ke da tulin takardun jarrabawa, teburinsa kuma ƙarami. Yakan ɗebi abin da tebur zai ɗauka, ya jera, ya ajiye a gefe, ya sake ɗebo wasu. Haka kwamfuta take yi a zagaye na farko. Bari mu gwada da lambobi 12, mu ce ƙwaƙwalwarmu guda 4 kawai take ɗauka a lokaci ɗaya. Ga lambobin a hargitse: 27, 3, 51, 14, 8, 40, 19, 33, 46, 5, 22, 11.

Mun ɗebi huɗun farko, mun jera: 3, 14, 27, 51. Wannan tsibi na ɗaya ke nan, mun mayar da shi kan faifai. Huɗu na biye sun zama 8, 19, 33, 40. Na ƙarshe sun zama 5, 11, 22, 46. Yanzu muna da tsibi uku, kowanne a jere yake a cikin kansa, amma ba a haɗe suke ba.

A zagaye na biyu dabarar take, don haka a karanta a hankali. Ba sai mun duba dukan lambobin ba. Lambar da ke kan gaba a kowane tsibi kawai za mu ɗauko, wato 3, 8 da 5. Me ya sa? Saboda kowane tsibi ƙaramarsa ce a gaba. Ke nan ƙaramar lamba a duk fayil ɗin ba ta da wurin ɓuya sai cikin waɗannan ukun. Mun ɗauki 3 mun rubuta a sabon fayil. Gurbinta sai mu cike da wadda ke bin ta a tsibinta, wato 14. Yanzu 14, 8 da 5 ne a gabanmu, sai 5 ta fita, 11 ta maye gurbinta. Daga 14, 8 da 11, sai 8 ta fita, 19 ta shigo. Sai 11 ta fita, sai 14, sai 19. Haka za a yi ta tafiya har 51 ta fita ita ce ƙarshe. Ka lura, tun daga farko har ƙarshe ba mu taɓa riƙe fiye da lamba huɗu ba: uku na gaban tsibi, ɗaya mai fita.

Mu koma ga babban fayil ɗinmu. Gigabait 8 a ƙwaƙwalwa mai gigabait 1 zai ba da tsibi 8, ko da yake a aikace yakan ɗan ɗara haka, domin manhajar ma tana cin nata fili. Wajen haɗewa, kwamfuta ba ta zuwa faifai don lamba ɗaya tak, wannan ɓata lokaci ne. Takan raba ƙwaƙwalwar, ta ba kowane tsibi kamar megabait 100, ta ware megabait 200 don abin da ke fita. Idan rabon wani tsibi ya ƙare, ta ɗebo masa wani megabait 100. Idan wurin fita ya cika, ta juye shi kan faifai a tashi ɗaya. Kowane zagaye yana karanta fayil ɗin duka, yana kuma rubuta shi duka. Zagaye biyu ke nan an karanta gigabait 16, an rubuta gigabait 16. Wannan karatu da rubutu yana cin lokaci mai yawa, shi ya sa mai hankali ke ƙoƙarin rage yawan zagaye.

Dabarar jerawa ta hanyar haɗewa tsohuwa ce. John von Neumann ya rubuta ta a 1945, kuma ta yi amfani sosai a zamanin da ake ajiye bayanai a kan tef, wanda ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe, ba a tsallake.

A kwamfutocin Linux akwai umarnin `sort` da ke yin wannan aiki da kansa:

```
sort -n -S 1G -T /data/tmp -o jere.txt lambobi.txt
```

Alamar `-S 1G` tana faɗin yawan ƙwaƙwalwar da aka yarda ya ci, `-T` kuma tana nuna inda zai ajiye tsibin wucin gadi. Idan ba a ce masa komai ba, tsibi 16 yake haɗewa a lokaci guda. Da tsibin za su kai 80, sai ya fara mayar da su 5, sannan ya mayar da biyar ɗin ɗaya. An sami ƙarin zagaye ke nan.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne fili a faifai. Fayil na asali yana nan, tsibi suna cin kwatankwacinsa, sabon fayil ma haka. Don haka fayil mai gigabait 8 yana bukatar wajen gigabait 24 gaba ɗaya. Idan wurin wucin gadi ya cike, aikin zai tsaya ka ga saƙon `No space left on device`, lokacin da ka kashe ya tafi a banza. Ka duba fili tun kafin ka fara.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, domin babu saƙon da zai gargaɗe ka. Idan ka manta da `-n`, kwamfuta za ta ɗauki lambobi a matsayin rubutu, ta bi su harafi-harafi, sai ka ga 10 ta zo kafin 9, tunda 1 ta riga 9. Saboda haka idan aiki ya ƙare, ka tabbatar:

```
sort -n -c jere.txt
wc -l lambobi.txt jere.txt
```

Layi na farko zai yi shiru idan jerin daidai ne, idan kuwa akwai hargitsi zai nuna maka inda ya fara. Na biyu yana ƙirga layuka, kuma ya kamata adadin fayil biyun ya zo ɗaya.

Kafin ka taɓa kwamfuta, yanki takarda gida 20, ka rubuta lambobi dabam-dabam, ka cakuɗa su. Kada ka riƙe fiye da biyar a hannu. Ka yi tsibi huɗu, kowanne a jere, sannan ka haɗe su kana duba na gaba kawai. Idan ka gama, ba wa na kusa da kai ya duba jerin.