Goge Kwalli Ba Tare da Jigata Ido Ba

Wata mai sauraro daga Zariya ta tambaya: yaya za ta goge kwalli da maskara ba tare da ido ya yi ja ba?

Malama, sirrin shi ne jiƙawa maimakon gurzawa. Ki wanke hannu, ki ɗiga man zaitun ko ruwan misela a auduga, ki rufe ido ki ɗora ta kamar daƙiƙa 20 har kwalliyar ta narke. Sannan ki shafo ƙasa a hankali, kowane ido da audugarsa. Maskarar da ruwa ba ya wankewa mai take so. In tsumman gogewa ne, ki guji mai turare, ki ɗauraye fuska bayansa. Idan raɗaɗi ko ja ya kwana, ki je asibitin ido.